Mutum uku a ɗaki, ƙuri'a huɗu a aljihun Alhaji

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren majalisar gudanarwa ta wani kamfanin hannun jari a nan Maradi, muna sayen aya da wake a kaka muna ajiyewa. Mambobin majalisa bakwai ne. Muna neman bashin miliyan 60 na sefa, banki ya ba mu mako uku mu kawo rahoton zaman da aka amince da shi. Akwai kuma batun hayar mangaza daga hannun ɗaya daga cikin mambobin. Uku ne kawai ke gari: shugaba, mai mangazar, da wani. Ɗaya yana Tasawa, Hajiya tana Yamai, ɗaya yana Lome wajen kaya, ɗaya ya tafi Umara. Shugaba ya ce in kira zama jibi, duk huɗun sun ba shi ƙuri'unsu ta waya, takardu kuma a raba su a wurin zaman. Kundin kafa kamfaninmu ya ce a kira mutane kwana 8 kafin zama. Shugaban kawuna ne, shi ya riƙe ni, ba na iya yi masa musu. Yaya zan yi?

Wani sakatare, unguwar Zariya, Maradi

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka kira zaman jibi. Ko an zauna an sha shayi an sa hannu, abin da za a yanke ba shi da ƙafar tsayawa a gaban doka, kuma kai ne za ka rubuta rahotonsa. Mako ukun da banki ya ba ku ya isa a yi abin daidai har a rage kwanaki, muddin ka fara a makon nan.

Kamfani irin naku yana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, dokar da Nijar ke aiki da ita tare da sauran ƙasashen ƙungiyar, wadda kuma aka yi wa gyara a Wagadugu a watan Janairun 2014. Sashe na 454 na dokar ya faɗi abu biyu a jere, kuma rashin bambanta su ne ya sa kawunka yake ganin lissafinsa ya cika. Na farko, majalisa ba ta yanke komai sai aƙalla rabin mambobinta suna halarce. Na biyu, ana yanke shawara da rinjayen waɗanda suka halarta da waɗanda aka wakilta. Ka lura wanda aka wakilta ya shigo a zance na biyu kawai. Takardar wakilci kamar gudummawar biki take: ta iso an karɓa an rubuta, amma ba ta zauna kan tabarma ba. Tana ɗauke da ƙuri'a, ba ta cika kujera.

Ku bakwai ne. Rabin bakwai uku da rabi, kuma ba a raba mutum, saboda haka sai huɗu. Mutum uku a ɗaki ba zama ba ne, ko da kowannensu ya zo da takardar wakilci mai hatimi. Kundinku ma ba zai iya sassauta wannan ba, domin dokar ta ce duk wani sharaɗi da ya saɓa masa ana ɗaukarsa kamar ba a rubuta shi ba, kuma shawarar da aka yanke a haka rusasshiya ce.

Sai maganar ƙuri'u huɗun da aka ba Alhaji. Sashe na 456 ya yarda mamba ya wakilta wani, in dai kundin kamfani bai hana ba, amma da iyaka uku. Wakilcin a rubuce yake: wasiƙa, ko faks, ko imel. Maganar baki a waya ba ta cikin lissafi, saƙon murya ma haka. Wanda ake wakilta kuwa sai ya zama mamba ne na majalisar. Wannan yana da muhimmanci a garinmu, inda Alhaji in zai yi tafiya yakan ce babban ɗansa ko amintaccen yaron shagonsa ya je ya zauna a madadinsa. A kasuwa hakan yana tafiya, a majalisar gudanarwa yaron baƙo ne, ba shi da ƙuri'a. Iyaka ta uku ita ce mamba ɗaya ba ya riƙe wakilci fiye da ɗaya a zama ɗaya. Shugaba bai fita daga wannan ba. Iyakar abin da kawunka zai iya ɗagawa shi ne hannunsa da na mutum ɗaya. Sauran ukun da suka ce masa "Alhaji duk abin da ka yanke mun yarda" sun yi masa girmamawa, amma ba su yi zaɓe ba.

Kuma kwana takwas ɗin nan ba ado ba ne. Dokar ba ta ƙayyade kwanakin kiran majalisa da kanta ba, ta bar wa kundin kowane kamfani, sannan ta ce shawara ba ta inganta sai an kira dukan mambobi bisa ƙa'ida. Dukansu, har wanda kowa ya san yana Makka ba zai zo ba. Sakatarori da yawa suna tsallake wanda ya yi tafiya, suna ganin ɓata takarda ne. Shi ne kuwa wanda zai dawo ya ce ba a gaya masa ba, kuma ƙarar neman rushe shawara tana da wa'adin shekara uku. A shekara uku farashin aya zai iya faɗuwa, bashi ya yi nauyi, zumunci ya yi sanyi, wani ya tuna cewa ba a aika masa komai ba.

To yanzu bari mu zauna mu shirya zaman da zai tsaya.

Abu na farko, kafin ka taɓa kowace takarda, shi ne neman mutum na huɗu da ƙafarsa. Na Tasawa shi ne mafi kusa, tafiyar safiya ce a kan kwalta. Kira shi ka tambayi ranar da zai iya zuwa, a gina ranar zaman a kansa. Ba a fara da tambayar shugaba ranar da ta yi masa daɗi ba, tunda shi yana gari kullum. Ka guji Litinin da Jumma'a, ranakun babbar kasuwa ne, ɗan kasuwa zai ce maka yana zuwa kuma ba za ka gan shi ba sai la'asar. Ni da zan zaɓa, sai in aika takardu ranar Litinin, a zauna ranar Alhamis ta makon da ke biye. Tsakanin ranar aikawa da ranar zama akwai cikakkun kwana tara, kenan babu mai gardamar ko ana ƙirga ranar farko ko ba a ƙirgawa. Bayan zaman za ku rage wajen mako guda na rubuta rahoto da kai wa banki.

Huɗu sun isa batun bashi, amma ba na son ka tsaya a huɗu, saboda mangazar. Yarjejeniya tsakanin kamfani da ɗaya daga cikin mambobin majalisarsa tana da tata hanya, daga sashe na 438 zuwa gaba. Sai majalisa ta ba da izini kafin a ƙulla ta, mai abin ya bayyana wa majalisa matsayinsa da amfanin da zai samu a ciki, ba ya zaɓe a kan batun, kuma ba a lissafa shi wajen cikar zama ko rinjaye. Dokar ta ware harkokin yau da kullum da ake yi bisa farashin da kowa ke samu, kuma na san wani zai ce haya ai harkar yau da kullum ce. Kada ku jingina da wannan. Hayar mangazar da za ta ɗauki kayan miliyan 60 daga hannun mamba, ku bi da ita ta doguwar hanya, ba ta cin komai sai minti goma. Matsalar ita ce, in ku huɗu ne a ɗaki mai mangaza ya tashi ya fita, saura uku. Za a iya kawo hujjar cewa uku rabin shida ne, amma me zai sa ka rataya yarjejeniya a kan hujjar da sai an yi muhawara? Roƙi Hajiya ta zo daga Yamai. Tafiyar yini ce a mota, kamfani ya biya kuɗin hanya da masauki. In ta zo kun zama biyar, mai mangaza ya fita a rage huɗu, kowace hanya aka bi da lissafin ya cika. Bayan an ƙulla hayar kuma, shugaba yana da wata guda ya sanar da mai binciken asusun kamfani, domin batun zai je gaban babban taron masu hannun jari.

Akwai wata ƙofa da gyaran 2014 ya buɗe, sashe na 454-1: mamba ya halarci zama ta bidiyo ko ta waya, ya yi zaɓe da bakinsa. Sai dai ƙofar a kulle take har sai kundin kamfani ya ambace ta. Buɗe naku ka karanta sashen majalisar gudanarwa layi-layi. In babu maganar, to babu, kuma ba za a iya ƙara ta cikin makon nan ba, domin gyaran kundi aikin babban taro na musamman ne na masu hannun jari. In akwai, sharuɗɗanta su ne a gane wanda ke magana, a riƙa jin muryarsa, shi ma yana jin tattaunawar kai tsaye ba yankewa, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mambobi su kasance a ɗakin da jikinsu. A wurinku kashi ɗaya cikin uku ya zarce biyu, kenan uku. Da wannan Hajiya za ta iya zama a Yamai ta shiga ta waya. Ka duba kuma ko kundin ya ware wasu batutuwa da ba a yanke su ta wannan hanyar, domin dokar ta ba shi damar yin haka.

Ni dai ko kundinku ya yarda, ba zan bar cikar zama ta dogara da layin waya ba. Ka san yadda layi yake yi da mu. In mutum na huɗu yana kan waya layi ya yanke daidai lokacin zaɓe, a wannan lokacin ku uku ne, sai a dakata a sake kiransa a maimaita abin da ya wuce shi, kuma doka ta ce a rubuta irin wannan tangarɗar a rahoto. Ka samu huɗu a ɗaki, waya ta zama ƙari. Ka tuna da bambancin agogo: ƙarfe 9 na safe a Maradi ƙarfe 8 ne a Lome, ƙarfe 11 a Makka. In ka kai zaman ƙarfe 10 ka sa mai Umara cikin haramar Azahar. Abin da ba ya shiga wannan ƙofar ko kaɗan shi ne mutum ya turo saƙon murya a WhatsApp da yamma ya ce ya yarda. Bai halarci tattaunawa ba, bai kuma wakilta kowa ba.

Yanzu rabon wakilci. A ce Hajiya ta zo, saura biyu a waje, na Lome da mai Umara. Kowannensu ya zaɓi mutum daban daga cikin waɗanda ka tabbatar za su kasance a ɗaki. Su ne masu zaɓa, ba kai ba, ba shugaba ba, amma aikinka ne ka gaya musu wanda aka riga aka ba, don kada su biyun su rubuta sunan Alhaji ɗaya ta lalace. Ka kuma ba su shawara kada su ba mai mangaza. Mutumin da doka ta hana ɗaga nasa hannun a kan batu, bai kamata a gan shi yana ɗaga na wani a kan wannan batun ba. Idan Hajiya ba ta samu zuwa ba ita ma sai ta wakilta, wakilci uku su rabu tsakanin shugaba, mamba na ukun nan na gari, da na Tasawa.

Takardar wakilcin kai za ka shirya ta ka aika tare da kiran zama. Ta ƙunshi sunan kamfani, sunan mai bayarwa, sunan wanda aka ba, ranar zaman, da sa hannu da kwanan wata. Kada ka karɓi wadda aka bar gurbin sunan wakili babu komai don a cike a wurin zama, wannan ita ce hanyar da ake tara ƙuri'u a hannun mutum ɗaya ta bayan gida. Kada kuma a rubuta ta da cewa "duk zaman da za a yi a bana", wakilci na zama ɗaya ne. Mai Umara zai iya sa hannu ya ɗauki hoton takardar, amma ya turo ta imel, tunda imel ne dokar ta ambata da suna, asalin takardar kuma ya kawo in ya dawo. Ka sa musu wa'adi, a ce kwana biyu kafin zama, don in wata ta zo da kuskure a samu lokacin gyarawa. Wakilin da bai zo ba ya tafi da ƙuri'ar da aka ba shi, ba ya miƙa ta ga wani. Wanda ya ba da wakilci kuma in ya dawo ya shigo ɗakin, takardarsa ta faɗi, shi zai yi zaɓensa.

Abin da na fi so ka ƙara, ko da doka ba ta tilasta ba, shi ne layi ga kowane batu a ƙasan takardar: na yarda, ban yarda ba, ko na bar wa wakilina. Dalilina ya shafi bashin nan kai tsaye. A Maradi ba kowane ɗan kasuwa ne ke amincewa da bashin da ke da kuɗin ruwa ba, kuma mutumin da ke ɗawafi a wannan makon ba zai ji daɗi ya dawo ya tarar an ɗaga hannunsa a kan abin da yake gudu ba. Zai iya yarda da hayar mangaza ya ƙi bashin, ko ya yarda in tsarin bankin na sayen kaya ne ya sayar muku da riba sananniya. In bai ga takardu ba, bai san ma wanne ne ba.

Wannan ya kawo mu ga takardun, inda na fi saɓa wa kawunka. Raba takardu a wurin zama yana nufin na ɗaki su karanta a tsaye, na waje kuma su ba da ƙuri'a a kan abin da ba su gani ba. Sashe na 435 ya ɗora wa shugaba nauyin bai wa kowane mamba takardu da bayanan da yake bukata don yin aikinsa, kenan abin da kake nema ka yi kariya ce ga Alhaji kansa. Takardun su tafi rana ɗaya da kiran zama, kowa ya samu iri ɗaya.

Ba tarin takardu nake nufi ba. A sama wasiƙar kira da sa hannun shugaba, domin shi ke kiran majalisa, kai rubutawa kake yi: rana, sa'a, wuri, da jerin batutuwa. Biye da ita rahoton zaman da ya gabata. Sai takardar tayin banki yadda take, ba taƙaitawarka ba, da daftarin yarjejeniyar haya mai ɗauke da kuɗin wata, tsawon lokaci, da wanda zai ɗauki gyara da gadi. Ga hayar, ka haɗa da farashin wasu mangazu biyu masu kama da ita a gari, don mambobi su ga ko ana yi wa ɗan'uwansu alfarma ne ko shi yake yi musu. Sai shafi ɗaya na lissafi: buhu nawa ake son saye, a kan nawa, yaushe ake sa ran sayarwa, da jimillar abin da bashin zai ci. A misali, in kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari ne a shekara kuma za a riƙe miliyan 60 wata shida, miliyan 3 kenan, ban da kuɗin buɗe takardu da inshora. Mamba yana son ya ga wannan miliyan 3 a rubuce, ya kuma ga abin da banki ke nema a jingina. In filin kamfani ne ko kayan da ke mangaza, a faɗa. In kuma ana son wani mamba ya tsaya da dukiyarsa, to wannan ne layin da ya kamata ya fi kowanne fitowa fili.

Ka rubuta kalmomin kowace shawara tun yanzu, yadda za ta fito a rahoto: majalisa ta amince a karɓi bashin da bai wuce miliyan 60 ba, na tsawon kaza, da jingina kaza, ta kuma ba wane ikon sa hannu. Amfanin haka biyu ne. Wanda ke Lome ya san ainihin abin da yake cewa "na yarda" a kai. Sannan za ka iya nuna wa ma'aikacin bankin daftarin kafin zama, ya gaya maka in akwai kalmar da lauyoyinsu ke so a ƙara, maimakon ku zauna ku watse sannan a dawo muku da rahoto a ce bai ambaci jingina ba. In a wurin zama aka canza shawarar sosai, a ce miliyan 60 ta koma 80, umarnin da mutanen waje suka rubuta bai shafi sabon adadin ba, kuma wakilin kirki ba zai ɗaga hannunsu a kai ba. Haka nan layin ƙarshe na "sauran batutuwa" wurin sanarwa ne da tambaya. Kada a yanke maganar kuɗi a ƙarƙashinsa.

Takardun banki da Faransanci za su zo, kuma ka fi ni sanin waɗanda ke karanta shi a cikin bakwai ɗin. Akwai Alhazan da ke juya ɗaruruwan miliyoyi da ka, amma shafi huɗu na Faransancin lauyoyi sai a kira ɗan lakkwal ya karanta musu, sirrin kamfani ya fita tsakar gida. Ka yi shafi ɗaya da Hausa mai bayanin batutuwan biyu, ka kuma karanta shi a saƙon murya ka tura wa kowa iri ɗaya. A nan saƙon murya yana da amfani, wajen bayani. Ka tura wa kowa shi kaɗai, kada ka zuba tayin banki a zauren da ke da akawu da direbobi, domin doka ta ɗora wa duk mai halartar majalisa riƙe sirrin abin da shugaba ya ce sirri ne.

Ka kuma riƙe shaidar cewa kowa ya karɓa. Na gari ka kai musu da hannu su sa hannu da kwanan wata a littafi. Na nesa ka aika ta hanyar da kundinku ya ambata, in ya ce wasiƙa to wasiƙa, imel ya biyo a matsayin ƙari, ka nemi su amsa da kalma ɗaya cewa sun gani, ka buga amsar ka ajiye.

Ranar zama, kafin a buɗe batu na farko, a zagaya takardar halarta, wakili ya sa hannu sau biyu, nasa da na wanda ya wakilta. Ka ƙirga da ƙarfi kowa ya ji: biyar a ɗaki, biyu an wakilta, zama ya cika. A batun bashi ƙuri'u bakwai ne, sai an samu huɗu. Ana lissafa rinjaye ne a kan dukan waɗanda suka halarta da waɗanda aka wakilta, saboda haka in uku suka yarda, biyu suka ƙi, biyu suka yi shiru, shawara ba ta wuce ba. A batun mangaza mai ita ya yi bayani ya fita, ƙuri'u shida, huɗu ne rinjaye. In aka yi uku da uku, ɓangaren da shugaban zama yake shi ke rinjaye, sai in kundinku ya ce ba haka ba. Rahoton ya ambaci rana da wuri, sunayen waɗanda suka zo, waɗanda aka wakilta da wanda ya wakilci kowanne, da wanda bai zo ba bai kuma wakilta ba, ya kuma nuna cewa mai mangaza bai yi zaɓe ba. Ana rubuta shi a rajista ta musamman da alƙali ya sa wa lamba da hannu, shugaban zama da aƙalla mamba ɗaya su tabbatar da shi. Takardun wakilci ka maƙala su a bayansa.

Saura kawunka. Ba sai ka yi masa musu ba, kuma kada ka ɗauko maganar a gaban mutane ko a shago. Ka same shi a gida bayan Isha, da kundin kamfani a hannunka da ranar da ka riga ka daidaita da na Tasawa. Ka ce masa, "Kawu, na duba abin da banki zai bincika. Za su ƙirga sunayen da ke rahoto, in suka ga uku za su iya mayar mana da shi, mu rasa kwanaki. Ga ranar da na ga za ta fitar da mu sau ɗaya." Wannan gaskiya ce, ba dabara ba, kuma ta bar masa girmansa, domin shi zai sa hannu a kiran, shi kuma zai kira Hajiya ya roƙe ta ta zo, abin da kai ba ka isa ka yi ba. Gaggawarsa tana da dalili, farashin kaka ba ya jiran kowa. In ya ce kwana goma sun yi yawa, ka nuna masa cewa bankin ma ba zai saki kuɗi jibi ba, kuma za a iya ci gaba da saye da abin da ke hannun kamfani kafin nan.

In ya ce a rubuta rahoto kawai a zagaya da shi gida-gida kowa ya sa hannu kamar an zauna, wannan ne wuri ɗaya da zan ce ka ƙi, cikin ladabi amma ka ƙi. Rahoto yana shaida cewa wane da wane sun kasance a wuri kaza ranar kaza. Fasfon mai Umara yana ɗauke da hatimin da ke nuna inda yake a ranar.

Idan kuma duk da shirin nan ranar Alhamis ta zo motar Tasawa ta lalace, Hajiya ba ta iso ba, kuka tashi ku uku, kada a ce a fara kafin su iso a cike daga baya. Ku jira iyakar abin da za ku iya, ko zuwa bayan Azahar. In ba su zo ba, ka rubuta gajeren rahoto cewa an kira zama, ga waɗanda suka zo, adadi bai cika ba, ba a yanke komai ba. Kira na biyu ba ya rage adadin, huɗu ɗin nan dai za a sake nema, kuma sai an sake kiran kowa bisa kwanakin kundi, da sababbin takardun wakilci masu ɗauke da sabuwar rana. A ranar ka kai wa banki kwafin wannan rahoton da sabuwar wasiƙar kira, ka nemi su ƙara muku kwana goma.